Tambayoyi Shida da Wa'adin Mako Guda: Yadda Ake Bincikar Sabon Ma'aikaci Wajen Tsohon Maigidansa

A yawancin shaguna, makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni, binciken sabon ma'aikaci ba ya wuce kiran waya na minti biyu. Mai neman ɗaukar ma'aikaci ya kira tsohon maigidan mai neman aikin, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Alhaji, wani yaro ne ya zo neman aiki wajena, ya ce ya zauna da kai. Yaya halinsa?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Ai yaron kirki ne, ba shi da matsala." Sai a yi godiya a kashe waya. Mai tambaya ya tashi da jin cewa ya yi bincike, alhali bai ƙaru da komai ba. Bai san tsawon zaman da yaron ya yi ba, bai san abin da aka damƙa masa ba, bai kuma san ko da ƙafarsa ya fita ko sallamarsa aka yi ba.

Tsohon maigidan kuma bai yi ƙarya ba. An yi masa tambaya ce mai faɗi, ya bayar da amsar da al'ada ta tanada. Mutanenmu sun tashi da darajar rufin asiri, kuma babu mai son a ce shi ne ya tare wa wani hanyar abincinsa. Duk wanda ya taɓa shiga binciken aure ya san wannan: in aka tambayi maƙwabci yaya halin saurayi, sai a ji yabo, in aka tambaye shi wace sana'a saurayin yake yi, tun yaushe, kuma me ya raba shi da matarsa ta fari, a nan magana take fitowa. Wannan shi ya sa ma'aikatun da suka san aikinsu suke rubuta wa tsohon shugaban ma'aikaci gajeriyar takarda, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, mai ɗauke da tambayoyi kaɗan da aka zaɓa da kyau da kuma ranar da ake jiran amsa.

Abin da ya faru a Haiti

Duniyar ƙungiyoyin agaji ta koyi muhimmancin wannan takarda ta hanya mai ɗaci. A watan Fabrairun 2018 jaridar The Times ta Landan ta bankaɗo cewa wasu ma'aikatan ƙungiyar Oxfam da aka tura Haiti bayan girgizar ƙasar 2010 sun riƙa biyan mata kuɗi suna lalata da su. Ƙungiyar ta yi binciken cikin gida tun a 2011, ta kori mutum huɗu, ta bar wasu uku suka ajiye aiki da kansu, har da daraktanta na ƙasar. Ba a jima ba wannan darakta ya sami babban muƙami a wata ƙungiyar agajin a Bangladesh. Da asiri ya tonu, sabuwar ƙungiyar ta ce ta yi bincike kafin ta ɗauke shi, kuma ta sami kyakkyawar shaida daga mutanen da suka taɓa aiki da shi a Oxfam, amma sun yi magana ne a matsayin kansu, ba da yawun ƙungiyar ba, kuma babu wanda ya sanar da ita dalilin tafiyarsa.

Wato an yi bincike, sai dai ba a tambayi wanda fayil yake hannunsa ba, kuma amsar tambaya mafi nauyi, wadda ta shafi yadda mutumin ya bar aiki, ba ta iso ba. Bayan wannan badaƙala, a watan Janairun 2019 manyan ƙungiyoyin agaji suka ƙaddamar da wani tsari na musayar bayanai. A ƙarƙashinsa, ƙungiyar da za ta ɗauki ma'aikaci takan rubuta wa wuraren da ya yi aiki a shekaru biyar na baya ta tambaye su kai tsaye ko an taɓa samunsa da laifin cin zarafi ko lalata, ko kuma ya tafi ana cikin bincikensa. Matasan da ke neman aiki a manyan ƙungiyoyin da ke Maiduguri, Damaturu ko Yola sukan ci karo da takardar amincewa da irin wannan bincike kafin a ba su takardar kama aiki.

Ba sai ma'aikata ta kai girman Oxfam ba kafin ta amfana da darasin. Mai kantin magani da mai makarantar firamare mai aji shida duk suna damƙa wa baƙo abin da ba sa so ya salwanta.

Takardar kanta

A ɗauki misali da wani kamfanin sayar da kayan masarufi a sari a Kano da ke neman mai kula da sito. An yi wa mutum biyar intabiyu, an tsayar da ɗaya. A takardunsa ya rubuta cewa ya riƙe muƙamin babban mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya daga Maris 2021 zuwa Yuni 2024, ya kuma bayar da sunan manajan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ta sa ya sanya hannu a kan amincewarsa da a tuntuɓi manajan, sannan ranar Alhamis 7 ga wata ta aika wannan saƙo:

*Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ce jami'ar ɗaukar ma'aikata a kamfaninmu. Malam Wane yana neman aikin kula da sito a wajenmu, inda zai riƙe makullai da littafin shigar kaya da fitarsu. Ya ambace ka a matsayin shugabansa na kai tsaye, kuma ya amince a rubuce da mu tuntuɓe ka. Ga kwafin amincewar a haɗe. Muna roƙon ka taimaka mana da amsar tambayoyi shida, ba za su ci maka fiye da minti goma ba.*

*1. Daga wane wata zuwa wane wata ya yi aiki da ku, a wane muƙami, kuma tsawon wane lokaci yake ƙarƙashinka kai tsaye?*
*2. Mene ne aka damƙa masa: makullai, littafin kaya, kuɗi, ko ma'aikata nawa?*
*3. A ƙidayar kayan da aka yi a zamaninsa, an taɓa samun giɓi? In an samu, me bincike ya nuna?*
*4. An taɓa ba shi takardar gargaɗi ko ladabtar da shi? A kan me?*
*5. Ta yaya ya bar aiki: ajiyewa ya yi, kwantiragi ne ya ƙare, ko sallamarsa aka yi? Akwai wani bincike da ba a kammala ba lokacin da ya tafi?*
*6. Da zai dawo, za ka sake ba shi makullan sito? In a'a, me ya sa?*

*Za mu yanke shawara ranar Juma'a 15 ga wata, don haka muna fatan samun amsarka zuwa ranar Alhamis 14 ga wata. In magana ta waya ta fi maka sauƙi, faɗa mini lokacin da ya dace in kira. Mu biyu kaɗai da ke yanke shawarar ne za mu ga abin da ka rubuta. Na gode, Allah ya ƙara girma.*

Gajartar takardar da gangan ce. Manajan da aka rubuta wa ba shi da wata riba a cikin lamarin. Alfarma ake nema a wajensa, ga shi da aikin gabansa. Fom mai shafi huɗu da tambayoyi ashirin yakan ƙare a ƙarƙashin tarin takardu, ko kuma a cike shi a gurguje da "da kyau, da kyau" daga sama har ƙasa. Tambaya shida da za a iya karantawa a fuskar waya ba tare da gajiya ba ta fi samun amsa. Haka kuma takardar ta bayyana irin aikin da ake son ba mutumin, domin wanda ya dace da tallan kaya ba lallai ne ya dace da riƙon makulli ba, kuma manajan ba zai iya auna amsarsa ba in bai san inda aka dosa ba.

Dalilin kowace tambaya

Tambaya ta farko da ta biyu ba su neman ra'ayin kowa. Abubuwa ne da ke rubuce a fayil, kuma su ne suka fi tona ƙarin gishirin da masu neman aiki kan yi: ƙara wa zama wata shida don a rufe lokacin da aka yi zaman banza, ko mayar da mataimaki ya koma babba. Suna kuma auna mai bayar da shaidar shi kansa. Wanda ya shugabanci mutum na wata uku kacal, ko wanda suke sashe daban suna haɗuwa a masallacin ofis kawai, maganarsa ba ta kai nauyin ta wanda ya yi shekara biyu yana duba littafinsa duk ƙarshen wata ba.

Ta uku ita ce ke canjawa daga aiki zuwa aiki. Ga mai sito, giɓin ƙidaya ne. Da direba ake nema, da an tambayi haɗurran da ya yi da yadda yake lissafin mai. Da kashiya ce, da an tambayi ko kuɗin aljihun teburinta suna daidaita da rasit a ƙarshen yini. Da malamin makaranta ne, tambayar da ba a tsallakewa ita ce ko an taɓa kawo ƙararsa a kan mu'amalarsa da ɗalibai, da kuma abin da aka yi a kai. Hanyar gano wannan tambaya mai sauƙi ce: mai ɗaukar aiki ya tambayi kansa wace ɓarna ce ta fi muni da mai wannan kujera zai iya yi, sannan ya nemi sanin ko ta taɓa faruwa.

A lura cewa ba a ce "Mai amana ne?" ba. Wannan tambaya tana tilasta wa manajan ya yanke wa mutum hukunci, kuma ɗan Adam yakan guje wa hakan. "An taɓa samun giɓi?" kuwa labarin abin da ya faru take nema, wanda mutum zai iya faɗa ba tare da ya ji yana cin naman wani ba. Kashi na biyu na tambayar, wato abin da bincike ya nuna, yana kare mai neman aikin, domin babu siton da ba a taɓa samun saɓanin lissafi a cikinsa ba, kuma sau da yawa laifin na wanda ya shigar da adadi ne ko na mai lodin mota.

Ta biyar ita ce darasin Haiti. Ma'aikatu da yawa, don gudun fitina ko don tausayi, sukan ce wa wanda aka kama da laifi ya rubuta takardar ajiye aiki kawai a rabu lafiya. A takarda, irin wannan mutum ya tafi ne don raɗin kansa. In an tsaya a "Me ya sa ya tafi?" za a ce ajiyewa ya yi, kuma ba a yi ƙarya ba. Jelar tambayar, wadda ke neman sanin ko akwai binciken da ba a kammala ba, ita ce ke toshe wannan ƙofa.

Ta ƙarshe takan fi sauran fito da abin da ke zuciya. Manajan da ba zai iya buɗe baki ya ce yana zargin mutum ba, zai iya cewa, "Zan ɗauke shi, amma a wani sashen." Wannan amsa ta ishi mai hankali ya ɗaga waya ya nemi ƙarin bayani.

Akwai kuma abin da takardar ta bari da gangan. Ba ta tambayi addininsa ko ɗariƙarsa ba, ba ta tambayi ƙabilarsa ko jam'iyyarsa ba, ba ta tambayi lafiyarsa ko yawan iyalinsa ba. Da mace ce, ba za a tambayi ko tana yawan zuwa hutun haihuwa ba. Waɗannan ba su nuna ko mutum zai riƙe sito da gaskiya, kuma suna buɗe ƙofar nuna bambanci. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma buƙaci duk mai tattara bayanan mutum ya kasance yana da halastaccen dalili, kuma kada ya tara fiye da abin da dalilin ya buƙata. Rubutacciyar amincewar da jami'ar ta haɗa da saƙonta tana ba ta madogara, tana kuma kwantar wa manajan hankali cewa ba bayan idon tsohon yaronsa ake maganar ba.

Wa ake tambaya

Takarda komai kyaunta ba ta da amfani in ta faɗa hannun da bai dace ba. Lambar wayar da mai neman aiki ya rubuta a gaban sunan "manaja" tana iya zama ta abokinsa ko ɗan'uwansa, wanda aka riga aka kitsa wa abin da zai faɗa. Shi ya sa jami'ar ba ta dogara da lambar da aka ba ta kaɗai ba. Ta nemo lambar ofishin tsohon kamfanin ta wata hanyar, ta kira ta tabbatar akwai manaja mai wannan suna, sannan ta karɓi adireshin imel ɗinsa na aiki daga can. In kamfani ne da ba ta taɓa jin sunansa ba, za ta iya duba rajistarsa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, inda ake binciken sunaye kyauta. Ƙananan wurare da yawa ba su da imel na kamfani, komai ta WhatsApp ake yi, kuma wannan ba aibu ba ne. Sai dai a irin haka aika mutum ya taka ya ga shagon da mai shi ya fi.

Shaidar bogi tana da alamu. Takan zo da sauri fiye da kima, cike da yabo, amma in aka tambayi mai ita sau nawa ake ƙidayar kaya a siton, ko sunan wanda ya gaji kujerar, sai ya fara inda-inda. Wani lokaci jimlolinta sukan yi kama sak da waɗanda mai neman aikin ya rubuta a takardarsa ta neman aiki.

Ya kamata kuma a bambanta tsohon shugaba da garanto. Garanto mutum ne da ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyin asara in ma'aikaci ya gudu da kaya, kuma yawanci kawu ne ko wani babba a unguwa da bai taɓa ganin mutumin a bakin aiki ba. Wasiƙar mai unguwa ko limami ita ma tana shaida asali da zaman lafiya da jama'a ne. Duk suna da amfaninsu, amma babu wanda zai iya amsa tambaya ta uku a cikinsu.

Sannan akwai ƙa'idar da karya ta ke jawo cutarwa nan take: ba a tuntuɓar wurin da mutum yake aiki a yanzu sai da izininsa. Maigidan da ya ji daga bakin baƙo cewa yaronsa yana neman wani wurin zai iya sallamarsa kafin sabon aikin ya tabbata. Wannan ne ya sa ake jinkirta binciken zuwa bayan intabiyu, a yi shi a kan mutum ɗaya ko biyun da aka tsayar, sau da yawa bayan an yi wa mutum tayin aiki bisa sharaɗin cewa shaidar za ta fito da kyau.

Me ya sa ake sa rana

"Da zarar ka sami dama" ba wa'adi ba ne. Manaja ba ya samun dama. Rana takamaimai, da sunanta da kwanan watanta, ita ce ke sa saƙo ya shiga jerin abin da za a yi. Kwanakin aiki biyar, kamar yadda jami'ar ta bayar, sun isa mutum ya nemi fayil a ofishin ma'aikata ya tabbatar da watanni, ba kuma su yi tsawon da zai manta ba. Wa'adin kwana ɗaya yana kama da raini, kuma yana haifar da amsar da aka rubuta da ka. Wa'adin mako uku kuwa mai neman aikin yake cutarwa, domin yana zaune cikin rashin tabbas, wataƙila ma wani kamfanin ya riga ya ɗauke shi.

Jami'ar ta faɗi dalilin ranar, wato shawarar da za a yanke washegari. Da haka manajan ya fahimci cewa jinkirinsa yana iya tauye tsohon yaronsa, ba umarni ake ba shi ba. Mai lissafin wa'adi yakan duba kalanda: makon Sallah, ƙarshen wata lokacin da masu sito da akanta suke fama da ƙidaya da albashi, ko lokacin aikin Hajji da manajan zai iya kasancewa ba ya ƙasar.

In rana ta gabato ba amsa, tunatarwa ɗaya ta isa, kwana biyu kafin cikar wa'adin, sai kuma kiran waya ɗaya. Bayan haka a koma wa mai neman aikin a ce ya taɓa manajan da kansa ko ya bayar da sunan wani shugaban. Shirun tsohon shugaba ba hujja ba ce a kan ma'aikaci. Mutum yana iya yin tafiya, ko rashin lafiya, ko ya bar kamfanin. Wasu manyan kamfanoni ma sun hana manajojinsu bayar da shaida. Ofishin ma'aikata ne kaɗai ke amsawa, kuma ba ya wuce tabbatar da muƙami da kwanakin aiki ga kowa, nagari da mugu.

Da amsa ta zo

A misalinmu, manajan ya amsa ranar Laraba. Ya ce mutumin ya fara a Maris 2021 a matsayin mataimakin mai sito, an ƙara masa girma a Janairun 2023, ya ajiye aiki a Fabrairun 2024. Ya riƙe makullai da littafi, da leburori huɗu a ƙarƙashinsa. Sau ɗaya aka sami giɓin katan goma sha biyu na man girki, bincike ya nuna an fitar da su ne zuwa reshen kamfanin ba a rubuta ba, aka kuma gano su a can. An taɓa ba shi takardar gargaɗi a kan makara a shekararsa ta farko, bai sake ba. Babu binciken da ya bari. Tambaya ta shida kuwa, amsar ita ce, "Ƙwarai, gobe ma in ya dawo."

Mai karatu da gaggawa zai ga giɓi da gargaɗi ya tsorata. Amma waɗannan biyun su ne suka fi ba da ƙarfin gwiwa, domin sun nuna manajan ya san mutumin da gaske kuma ba ya ɓoye-ɓoye, an kuma warware su duka. Abin da ke buƙatar bayani yana cikin amsa ta farko. Mai neman aikin ya ce shi babba ne tun 2021, alhali kusan shekara biyu ya yi yana mataimaki. Ya kuma ce ya tafi a Yuni, manajan ya ce Fabrairu. Akwai wata huɗu da ba a san inda yake ba.

Jami'ar ba ta jefar da takardunsa ba, ba ta kuma kau da kai ba. Ta kira shi ta ce, "Malam, akwai saɓani tsakanin watannin da ka rubuta da waɗanda ke fayil ɗinka na can, ko za ka yi mana bayani?" Amsa tana iya zama mai sauƙi: ya koma gida jinyar mahaifinsa, ko ya gwada kasuwanci bai yi ba, ya ji kunyar rubutawa. Tana kuma iya zama cewa ya yi wani gajeren aiki a wani wuri da bai so a sani ba, wanda a nan sai a nemi sunan wurin a aika musu irin wannan takarda. Batun muƙamin kuwa, kamfanin ne zai auna ko rubuta muƙamin ƙarshe a kan dukkan shekarun sakaci ne ko yaudara, musamman ga wanda aikinsa gaba ɗaya rubuta adadi daidai ne.

Jin ta bakin mai neman aiki wajibi ne saboda tsohon shugaba ma mutum ne. Akwai wanda ke jin haushin yaron da ya bar shi, akwai wanda suka yi rigima a kan albashin da ba a biya ba, akwai kuma mace da ta bar aiki saboda shugaban ne ya matsa mata. Shi ya sa ba a rataya hukunci a kan bakin mutum ɗaya. In aikin mai nauyi ne, a nemi shaida daga wurare biyu.

Mai bayar da shaidar shi ma akwai nauyi a kansa. A 1994 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawan ƙasar, ta yanke hukunci a shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian Assurance, inda wata mummunar shaida da aka rubuta ba tare da cikakken bincike ba ta hana wani dillalin inshora samun aiki. Kotun ta ce wajibi ne mai rubuta shaida ya yi taka-tsantsan wajen tabbatar da abin da ya rubuta, in kuwa ya yi sakaci za a iya neman diyya a wajensa. Ta ɗaya gefen kuma, a 1997 kotun ƙolin jihar California ta Amurka ta ce ana iya kama makarantun da suka rubuta wa wani jami'i wasiƙun yabo zalla, alhali sun san an sha zarginsa da taɓa ɗalibai mata, bayan da aka zarge shi da cin zarafin wata ɗaliba 'yar shekara 13 a sabuwar makarantarsa. Hukunce-hukuncen biyu ba na kotunan Nijeriya ko Nijar ba ne, amma sun shata iyakar da kowane manaja zai iya bi: ya faɗi abin da ya gani da abin da ke fayil, ya bambanta zargi da abin da aka tabbatar, kuma in ba zai iya amsa wata tambaya ba ya ce ba zai amsa ba, maimakon ya lulluɓe ta da yabo.

In manajan ya zaɓi waya a maimakon rubutu, kamar yadda da yawa kan yi don sun fi sakin jiki da baki, jami'ar takan bi tambayoyin nan shida a jere, ta rubuta amsoshin a lokacin tare da rana da sunan wanda ta yi magana da shi, ta karanta masa abin da ta rubuta don ya tabbatar. Takardar takan shiga fayil ɗin da ke kulle, ba ta yawo a zauren WhatsApp na ofis. Ta wanda ba a ɗauka ba kuwa, ba a riƙe ta har abada. Bayan ɗan lokacin da kamfanin ya ƙayyade sai a lalata ta. Manajan da ya amsa kuma ana aika masa godiya ta layi biyu a ranar da amsarsa ta iso.